Ciniki Na Biyu: Yadda Mai Sayar Da Atamfa A Waya Ke Riƙe Abokan Cinikinta

A Kano a yau, da wuya ka buɗe WhatsApp ba ka ci karo da shago ba. Matan aure, ɗalibai da ma'aikatan ofis suna saro atamfa, leshi, shadda da mayafai a Kantin Kwari, su ɗauki hoto su ɗora a Status, mai so ta turo kuɗi, a ba mai babur ko direban tasha ya kai mata. Ƙorafin da ya fi yawa a bakin masu wannan sana'a shi ne: "Masu kallo da yawa, masu saye babu." Maganin da kuma suka fi nema shi ne ƙarin masu kallo. Wata ta biya mai dubban mabiya a Instagram ya tallata lambarta, wata ta shiga zauren musayar lambobi, inda kowa ke ajiye lambar kowa don adadin masu kallo ya hau.

A ganina wannan neman magani ne a inda ba ciwo. Matsalar yawancin masu sayar da kaya a waya ba ta rashin baƙi ba ce. Waɗanda suka riga suka saya sau ɗaya ne ke tafiya ba su dawo ba, mai kayan kuma ba ta ma san sun tafi ba. Abin da ke dawo da su wasu 'yan ayyuka ne da ake maimaitawa kullum, kowane mako da kowane wata, kuma kusan dukansu ba sa cin kuɗi, lokaci da kula suke ci.

Don a ga abin a fili, mu ɗauki misalin wata mai sayar da atamfa daga gida. Alƙaluman na misali ne, tun da farashi ba ya zama wuri ɗaya. A ce mutum 400 ke kallon Status ɗinta, a cikin wata shida mutum 60 suka saya, daga cikinsu 15 kaɗai suka sake saye. A ce kuma tana samun ribar naira 2,000 a kowane turmi. Wadda ta saya sau ɗaya ta tafi, naira 2,000 ta bar mata, wataƙila ma kuɗin talla da data sun cinye rabi. Wadda ta zauna kuwa za ta saya da ƙaramar sallah, ta saya da babba, ta saya don biki, ta saya don suna, naira 8,000 ke nan a shekara ba tare da an kashe ko sisi wajen nemo ta ba. Ranar da za a aurar da ƙanwarta kuma, ita za ta ce a fitar da anko a wajen "mai atamfata", turmi ashirin ko talatin a tashi ɗaya. Saboda haka tambayar da ta kamaci wannan baiwar Allah ita ce ina mutum 45 ɗin nan suka shiga, kafin ta fara tunanin mayar da 400 su zama dubu.

Kafin a je ga ayyukan, ya kamata a fahimci yadda manhajar kanta ke aiki, don da yawa suna wahalar banza saboda rashin sanin wannan. Abin da aka ɗora a Status yana ɓacewa bayan awa 24, kuma ba mai ganinsa sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki. Saƙon Broadcast, wanda ke shiga wayar kowa kamar shi kaɗai aka aika wa, yana ɗaukar mutum 256 a jeri ɗaya, amma ba zai isa ga wanda bai ajiye lambarki ba. Zaure kuwa, wato guruf, yana ɗaukar har mutum 1,024, sai dai a cikinsa kowa na ganin lambar kowa. Abin da wannan ke nufi shi ne, matar da ta saya jiya ba ta ajiye lambarki ba, ta fita daga hannunki ke nan: ba za ta ga sabbin kaya ba, saƙon da kike aika wa jama'a ma ba zai same ta ba. Don haka aiki na farko, tun ana cikin ciniki, shi ne a ce mata, "Hajiya, don Allah ki ajiye lambar nan, ni ma na ajiye taki, don ki riƙa ganin sabbin kaya." Idan bayan kwana biyu ba ki ga sunanta cikin masu kallon Status ba, da alama ba ta ajiye ba, ko ta kashe alamar da ke nuna ta gani, sai a sake tuna mata cikin ladabi.

Sai littafi. Dillaliyar da ke yawo gida-gida da ƙullin kaya a da, ba ta da waya, amma ta san Hajiya wance ba ta son ja, ta san wadda mijinta ke karɓar albashi a ƙarshen wata, ta san gidan da ake shirin lefe. Duk a ka take riƙe su, saboda gidajen da take shiga ba su wuce a ƙirga ba. Mai sayarwa a waya tana hulɗa da mutanen da ba ta taɓa gani ba, daga Kaduna, Abuja, Gombe, har Maraɗi, ƙwaƙwalwa ba za ta ɗauka ba. Littafin makaranta mai layi ya wadatar. Kowace abokiyar ciniki ta samu shafinta: sunanta da yadda take son a kira ta, lambarta, garinsu da tashar da ake aika mata kaya, abin da ta saya da ranar da ta saya da kuɗin da ta biya, sai kuma duk wata magana da ta faɗa da za ta yi amfani gaba. Idan ta ce "ba na son mai manyan fulawa," a rubuta. Idan ta ce "na yarinyata ne, za ta yi sauka bayan sallah," a rubuta. Minti goma kafin a kwanta sun isa a cika shafukan ranar.

WhatsApp Business, wanda ya fito a farkon 2018 kuma kyauta ne, yana taimakawa da abin da ake kira Labels, wato alamomi masu launi da ake liƙa wa kowace hira. Yakan zo da biyar a shirye: New customer, New order, Pending payment, Paid da Order complete, kuma ana iya sauya musu suna a ƙara wasu. Alamar da na fi ganin amfaninta ita ce wadda mai sana'a za ta ƙirƙira da kanta ta sa mata suna "a bi sawu", ta liƙa wa duk wadda kayanta suka tafi ba a ji yadda suka yi mata ba. Amma kada alamomin waya su maye gurbin littafi. Ranar 4 ga Oktoba 2021 WhatsApp da Instagram da Facebook sun ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya, a watan Satumba na shekarar kuma an rufe layukan waya a Jihar Zamfara na tsawon makonni. Ban da wannan, waya takan ɓata, akan sace ta, akan kuma rufe wa mutum lamba. Wadda duk abokan cinikinta ke cikin waya kaɗai, rana ɗaya za ta iya wayar gari ba ta da kowa.

Saƙon da ba na talla ba

A nan ne yawanci ake yin asara. Da zarar alat ya shigo, kaya sun hau mota, sai hira ta mutu. Saƙo na gaba da abokiyar ciniki za ta gani daga mai kayan shi ne hotuna talatin na sabbin kaya. Ita kuwa a ranta ta gane cewa kuɗinta ake so, ba ita ba.

Atamfa kaya ce da ba a sanin gaskiyarta ranar da aka karɓa. Sai an kai wa tela ya auna a ga ko yadi shida ya cika, sai an ɗinka an sa, sai an wanke a ga ko tana zuba, ko sitacin da ya sa ta ƙyalli ya fita ta koma laƙwas. Saboda haka bin sawu kashi biyu ne. Na farko ranar da kaya ya kamata su isa. Tun da aka ba direba a tasha, a tura mata lambarsa da hoton ƙullin da sunanta a jiki, da yamma kuma a tambaya, "Salamu alaikum Maman Abba, kayan sun iso hannunki? Ki buɗe ki duba, in akwai wani abu ki sanar da ni yau." Kalmar "yau" tana da amfani ga ɓangarorin biyu, domin tana nuna ƙofar ƙorafi a buɗe take, tana kuma hana a zo bayan wata guda da atamfar da aka riga aka yanka a ce tana da huji.

Na biyu bayan mako biyu ko uku, lokacin da ake sa ran an ɗinka an sa. "Hajiya, ya gida, ya yara? An ɗinka shuɗiyar nan kuwa? Da aka wanke ya ta yi?" Shi ke nan. Kada a haɗa da hoto, kada a ce "akwai sabbi fa." Da an liƙa talla a wutsiyar gaisuwa, gaisuwar ta lalace, mata kuma suna da saurin gane wannan. Ambaton launin da ta saya shi ke nuna cewa ba saƙon kowa da kowa aka turo mata ba, kuma daga littafi aka samo shi. Idan ta fi jin daɗin saƙon murya, wanda ake ganewa daga yadda ita take turowa, a yi mata da murya.

Amsa iri uku ake samu. Wata za ta yaba, har ta turo hoton ɗinkin. A yi godiya, kuma idan ana son a ɗora yabon a Status sai an nemi izininta, a rufe suna da lamba da fuska. Matar aure da ta ga hotonta yana yawo a wayoyin mutane ba da saninta ba, ba za ta sake saye ba, kuma tana da gaskiya. Wata za ta ce, "Wallahi ta ɗan zuba, amma ba komai." Wannan ita ce amsa mafi daraja, don da ba a tambaye ta ba da ba za ta faɗa ba, sai dai ta gaya wa 'yan uwanta da maƙwabta, ta koma wajen wata. Ta uku kuma ba za ta amsa ba. A bar ta, kada a dame ta da "kin yi shiru," a rubuta a littafi cewa an tuntuɓa.

Mu bi ta biyun nan har ƙarshe, da lissafi. A ce turmin naira 15,000 aka sayar, kuɗin mota zuwa Kaduna naira 2,500, ta buɗe ta tarar da tabon rini a tsakiyar zanen, ba a riga an yanka ba. Abu na farko, a janye maganar daga zaure idan a can ta taso, a kira ta a waya. Rubutu yana ƙara wa magana zafi, murya tana rage shi. A nemi hoto, a ba da haƙuri ba tare da dogon bayanin cewa laifin ɗan kasuwa ne ba, don ita ba ta san shi ba, ke ta sani. Sai a ba ta zaɓi: a canza mata, ko a rage mata kuɗi ta riƙe, ko a mayar mata da kuɗinta. Idan ta zaɓi canji, mai kaya za ta biya motar aika sabon, naira 2,500, mai tabon kuma in ya dawo wataƙila sai an karya shi da naira 3,000 ƙasa da yadda aka saro. Asarar naira 5,500 ke nan, ta cinye ribar wannan ciniki har da kusan ta wasu biyu. Yana da ciwo. Amma a ɗora shi kusa da naira 8,000 da wannan matar za ta iya kawowa duk shekara, ban da waɗanda za ta turo. Masu rubuta "ba a dawo da kaya" a saman shafinsu suna tsare naira dubu biyar ne su saki abin da ya ninka ta.

Wannan yana da iyaka. Kayan da aka yanka ko aka sa ba sa dawowa, sai dai a yi rangwame a ciniki na gaba idan aibin na gaske ne. Idan kuma littafi ya nuna mace ɗaya ta yi ƙorafi sau uku a ciniki uku alhali sauran da suka sayi irin kayan ba su ce komai ba, to ba dole ne a riƙe kowa ba. Idan kuwa mata uku daban-daban suka ce iri ɗaya na zuba, matsalar tana shagon da ake sarowa, kuma can ya kamata a kai maganar kafin a sake saro ko turmi ɗaya. Yawancin ƙorafin launi ma tun daga hoto ake kashe shi: a ɗauka da rana a inuwa, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, kada a ƙara wa hoton haske, a kuma faɗi sunan atamfar da darajarta yadda take. Wadda aka sayar wa ƙaramar atamfa da sunan babba, tela ne zai fara gaya mata gaskiya.

Zaure

Zauren abokan ciniki shi ne inda masu saye ke fara jin cewa su jama'a ɗaya ne, shi ne kuma inda aka fi ɓata abu. Kuskure na farko shi ne kwaso lambobi a zuba mutane ba a tambaye su ba. Mace ta buɗe waya ta tarar da kanta cikin baƙi ɗari uku, lambarta a fili, hotuna na cinye mata data. Ko dai ta fita, ko ta ji nauyin fita ta kashe ƙarar zauren ta manta da shi, wanda ya fi muni, don mai zauren za ta ci gaba da ƙirga ta. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko ba doka, lambar matar wani amana ce. Hanyar da ta dace ita ce a gayyaci wadda ta riga ta saya, bayan bin sawu na biyu, a gaya mata abin da za ta samu a ciki: "Ina da zaure na waɗanda suka taɓa saye, su ke fara ganin kaya kwana ɗaya kafin in ɗora a Status. In kina so in sa ki." Zaure mai mata tamanin da suka ce e ya fi mai ɗari biyar da aka jefa.

Wannan alkawari na fara zaɓe shi ne jarin zauren, kuma dole a cika shi. A harkar atamfa, zane mai kyau guda biyu ko uku ake samu a kala ɗaya, kowa kuma ba ta son ta je biki ta tarar da mutum biyar sanye da irin nata. Don haka damar fara gani ta fi ragin naira ɗari biyar daraja a wajen mata da yawa, ga shi ba ta rage riba. Ranar da 'yan zaure suka gane cewa abin da aka turo musu tun jiya yana Status, zauren ya zama ba shi da dalili.

Sannan a sa wa mako tsari, a tsaya a kai. Mai kayanmu ta misali tana shiga kasuwa ranar Talata. Ran Litinin da daddare sai ta buɗe ƙuri'a a zauren, abin da manhajar ke kira Poll: mai duhu ko mai haske, ƙananan zane ko manya, leshi ko atamfa. Abin da aka zaɓa shi za ta fi sarowa, kuma wadda ta zaɓi kore ta ga an kawo kore tana jin da ita aka je kasuwa. Ran Laraba bayan la'asar kaya su fito a zaure, hotuna goma zuwa sha biyar, kowanne da lamba da farashi a jiki don kada a yi ta "nawa wannan?" Ran Alhamis ragowar su hau Status. Ran Asabar a buɗe zaure na awa biyu a yi hira: wane tela ne ke cika alkawari, yaya ake wanke leshi bai lalace ba, wane ɗinki ake yayi. Sauran ranakun a rufe shi ta yadda admin kaɗai ke iya rubutu, akwai wurin saita hakan a cikin Group settings. Ba ranakun ne abin lura ba, kowa da yanayin garinsu. Abin lura shi ne mutane su san lokacin da za su leƙo, su kuma san ba za a cika musu waya da tsakar dare ba.

Zauren da aka bari a buɗe dare da rana, cikin mako biyu zai cika da saƙonnin "tura wa mutum goma", gardamar siyasa da ta aƙida, da tallan wasu. Dokoki uku ko huɗu a rubuce a bayanin zaure sun isa, mai zaure kuma ta fara binsu da kanta. Wadda ta karya, a bi ta gefe a gaya mata, kada a tsawata mata a gaban jama'a.

Akwai wata ɓarna da ta fi hayaniya haɗari. Ɗan damfara yakan shiga zaure ta adireshin gayyata da aka watsa, ya ɗauki hoton mai zauren da sunanta ya sa a wata lamba, ya bi mata ɗaya bayan ɗaya yana cewa asusun ya samu matsala, a tura kuɗi ta wannan. Wani kuma yakan kira ya ce za a yi taron 'yan zaure, a karanto masa lambobi shida da suka shigo waya, da an karanto ya ƙwace WhatsApp ɗin mutum ya fara roƙon kuɗi da sunansa. Rigakafin yana cikin ayyukan mako: a kunna Two-step verification, a kunna Approve new members don kada kowa ya shigo sai an duba shi, a kuma maimaita wa 'yan zaure duk wata cewa lamba ɗaya ce, asusu ɗaya ne mai suna kaza, kuma ba za a taɓa neman lambobin sirri a wajensu ba. Mace ɗaya ta rasa naira dubu ashirin ta dalilin zaurenki, sauran duk za su ja baya ko da ba laifinki ba ne.

Ana gane zaure ya fara mutuwa tun kafin mutane su fara fita. A danna saƙo a duba Info a ga mutum nawa suka karanta bayan kwana ɗaya. Idan cikin tamanin sha biyar ne suka buɗe, kuma mutum huɗu ne kullum ke amsa ƙuri'a, to an kashe ƙararsa. Ƙara yawan hotuna ba zai tashe shi ba, sau da yawa ma shi ya kashe shi. A rage turawa, a bi wasu daga cikin masu shirun a gefe a tambaye su me suke son gani.

Bashi da adashi

Da zumunci ya yi ƙarfi, maganar bashi za ta taso, kuma a nan sana'o'i da yawa suka durƙushe. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bashi yana korar abokin ciniki. Wadda ake bin ta naira dubu goma takan daina buɗe Status ɗinki don kunya, in ta samu kuɗi kuma ta je ta saya a wani wuri da tsabarsu. An rasa kuɗin, an rasa mai su. Abin da ya fi aminci shi ne a biya kaɗan-kaɗan kayan na hannun mai sayarwa, a ware mata su da sunanta, ranar da ta cika ta karɓa, tare da wa'adin da aka yi magana a kai tun farko.

Adashin kayan sallah wannan tsarin ne aka faɗaɗa. Tun da teloli suna cika da aiki da zarar azumi ya kama, wasu ma su daina karɓa, mai hankali tana son atamfarta a hannu tun Sha'aban. Idan aka fara zubi a farkon Jimada Sani, naira 5,000 duk mako, bayan mako 12 kowace tana da naira 60,000 kafin a ga watan Ramadan. Mata ashirin suka shiga, mai zaure ta san tana da cinikin naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu tun kafin lokacin ya zo, su kuma sun huta da neman kuɗi a dunƙule. Ba abin da ke ɗaure abokiyar ciniki kamar wannan, ba kuma abin da ke rusa suna kamarsa idan aka ci amana. Kuɗin ba jari ba ne, na mutane ne. A ware musu asusu daban, duk wadda ta zuba a tura mata jimillar abin da ta tara a ranar, a kuma faɗa tun farko cewa farashin ranar ɗauka za a bi, ko kuma a riƙa sayen kayan a hankali ana ajiyewa, don wata uku sun isa farashi ya motsa a Kwari. A kuma amince tun ranar farko kan yadda za a yi da wadda ta kasa ci gaba: kuɗinta za a mayar, ko kaya daidai abin da ta zuba. Wadda ba ta taɓa riƙe littafi na wata shida ba, kada ta fara da adashi.

A ƙarshen kowane wata a zauna da littafin a yi ƙirga biyu. Cikin waɗanda suka saya a watan, nawa ne tsofaffi? Sannan su wa suka yi wata uku ko huɗu ba a ji ɗuriyarsu ba? Na farkon shi ke nuna ko duk wannan aiki yana haifar da wani abu. Idan a watan Muharram mutum 5 cikin 20 ne tsofaffi, a Rajab kuma suka zama 9 cikin 20, ana kan hanya ko da masu kallon Status ba su ƙaru da mutum ɗaya ba. Sai dai a kwatanta wata da irinsa, don cinikin gab da sallah ba a auna shi da na bayanta, lokacin da aljihun kowa ya bushe.

Waɗanda suka yi shiru kuma, a zaɓi biyar duk mako a aika musu saƙo ɗaya-ɗaya, da abin da ya dace da shafinsu: "Anti, kwana biyu. An kawo irin mai ƙananan zanen nan da kike so, kala biyu, na ce bari in nuna miki kafin in fitar." Hoto biyu, ba ashirin ba. Idan an yi haka sau biyu ba amsa, a ƙyale ta a Status, wataƙila hali ne ya canza, kuma yawan tuntuɓa zai sa ta toshe lambar. Mace ɗaya tana iya yi wa mutum ɗari ko ɗari da hamsin irin wannan kula ba ta gaza ba. Da an wuce nan, saƙonni za su fara kwana ba amsa, kuma a lokacin ne ake ɗauko ƙanwa ko 'ya ta riƙa amsa tambayar farashi da bin direbobi, ana adana amsoshin da aka saba bayarwa a Quick replies don ta riƙa kirawo su da alamar / ba sai ta rubuta ba. Ƙorafi, maganar kuɗin adashi da gaisuwar bayan ciniki kuwa su zauna a hannun mai sana'ar, domin muryarta abokan cinikin suka sani.